Kuɗin Haya da Haraji: Abin da Mai Gida Zai Cire Kafin a Yi Masa Lissafi

Ɗakunan haya sun zama sana'a a Kazaure, musamman a unguwannin da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, inda ɗalibai da ma'aikata ke neman wurin kwana kowace shekara. Babura ma ta bi sahu tun da aka kafa mata Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Mutumin Achilafiya ko Roni ko Gwiwa da ya tara kuɗin riɗi ko na kiwo ya gina jerin ɗakuna a cikin gari, sau da yawa bai ɗauki kuɗin hayar a matsayin abin da haraji ke hawa kansa ba. Doka kuwa ta daɗe da ɗaukarsa haka, tun Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta Ɗaiɗaikun Mutane ta 1993. Sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ba ta sauya wannan ba.

Sai dai haraji ba ya hawa kan duk abin da ɗan haya ya miƙa. Yana hawa ne kan abin da ya rage bayan an cire ɗawainiyar da aka yi domin samun hayar. Ma'aunin doka shi ne a kashe kuɗin gaba ɗayansa, kuma domin samar da wannan kuɗin shiga kawai. Duk gardamar da ke tashi tsakanin mai gida da jami'in haraji a kan wannan ma'auni take.

Bari mu ɗauki misali, alƙalumansa na ƙiyasi ne kawai. Wani bawan Allah mazaunin Achilafiya yana da gida mai ɗaki goma a Kazaure. Takwas ya ba haya, kowane ɗaki Naira 150,000 a shekara, biyu kuma 'ya'yansa masu karatu ke ciki. Hayar shekara ta kama Naira 1,200,000. Da damina iska ta yaye kwano, kafinta ya gyara rufin gidan duka a kan Naira 150,000. An kwashe masan 'yan haya a kan Naira 40,000, an yi wa ɗakunan haya fenti a kan Naira 60,000, wakilin da ke karɓar haya yana kula da gidan ya karɓi ladan Naira 80,000. A shekarar dai ya ƙara gina ɗaki biyu a filin tsakar gida.

Fenti da yasar masai da ladan wakili duk ana cire su cif, don ba domin haya ba da ba a kashe su ba. Rufi kuwa raba shi za a yi, tunda ya rufe 'yan haya ya kuma rufe 'ya'yansa. Takwas cikin goma na Naira 150,000, wato Naira 120,000, shi ne rabon haya. Sauran Naira 30,000 hidimar iyali ce, doka kuma ba ta yarda a cire hidimar gida ba. Abin cirewa ya tashi Naira 300,000, ribar haya ta zama Naira 900,000.

Sababbin ɗakunan nan biyu su ne inda masu gida suka fi tuntuɓe. Gyara daban, ƙari daban. Gyara shi ne mayar da abu yadda yake a da: kwanon da ya tsage, ƙofar da gara ta ci, simintin da ya fashe. Gina sabon ɗaki, ko haƙa rijiyar burtsatse inda babu, ko ɗora bene, jari ne aka ƙara, gidan ya fi da daraja kuma zai yi shekaru yana kawo kuɗi. Ba a cire irin wannan a shekara guda. Doka ta tanadi rangwamen jari a kan kuɗin gini, wanda ake cirewa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, amma kuɗin sayen fili ba ya ciki. Tambayar da ke raba gardama ita ce: bayan an gama aikin, gidan ya koma yadda yake ne, ko ya samu abin da ba shi da shi a da?

Haka abin yake ga bashi. Wanda ya ci bashin banki ya yi ginin haya yana iya cire ruwan da ya biya, amma uwar kuɗin da yake mayarwa ba a cire ta. Wanda kuma ya ɗauki cebur ya yi yaɓe da hannunsa ba zai yanka wa kansa lada ya cire ba, sai dai kuɗin siminti da yashi. Zakka da kyautar da ya yi daga kuɗin hayar ma tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba ɗawainiyar haya ba ce.

To nawa zai biya? A sabon tsari, Naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba ta da haraji, Naira miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. In haya ce kaɗai abin shigarsa, Naira 100,000 ce ta haura, harajinsa Naira 15,000. Da bai cire komai ba, Naira 400,000 ce za ta haura, ya biya Naira 60,000. Amma a lura, wannan sassauci na mutum ne, ba na gida ba. In yana da albashi ko ribar kasuwanci da ta kai Naira 1,500,000, sassaucin ya riga ya ƙare a can, duk Naira 900,000 ɗin za ta hau kashi 15, wato Naira 135,000. Ana kuma biya ne ga jihar da mutum yake zaune. Mazaunin Achilafiya da ke da gida a Kano, Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Jigawa zai bayyana wa hayarsa, kafin ƙarshen watan Maris na shekara mai biyowa.

Idan ɗan hayar kamfani ne ko banki ko ma'aikatar gwamnati, zai yanke kashi 10 cikin ɗari na hayar tun kafin ya biya, ya miƙa wa hukuma. Shagon Naira 500,000 sai mai shi ya ga Naira 450,000. Ba asara ba ce, kafin alƙalami ne na harajinsa, za a rage masa a lissafin ƙarshe, muddin ya karɓi takardar shaidar yankewar. Da yawa ba sa nema, sai su biya sau biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne shaida. Magini da kafinta da mai kwasar masai ba su saba ba da rasit ba, ciniki ne na baki da amana. Jami'in haraji kuwa ba zai cire abin da ba a nuna masa ba. Ga shi sabuwar doka ta ba ɗan haya sassaucin kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya, iyaka Naira 500,000, in ya bayyana ta. Malamin kwaleji da ke son wannan sassauci zai rubuta nawa yake biya, ta nan hukuma za ta iya gano abin da ke shiga hannun mai gida, alhali abin da ya kashe ba wanda zai rubuta masa sai shi. Littafi guda ya isa: rana, aikin da aka yi, ɗakin da aka yi wa, sunan mai aikin da sa hannunsa, a maƙala rasit ɗin shagon kayan gini, a kuma biya ta banki duk inda hali ya yi.