Kaya Sun Zo da Gyara: A Biya Abin da Aka Yarda, a Rubuta Sauran

Idan dila ya aiko da kaya tare da invois, wato takardar da ke jera kaya da farashinsu da jimillar kuɗin da yake nema, sai mai saye ya ga lissafi bai yi daidai ba, yawancinmu ɗaya daga cikin abu biyu muke yi. Wani ya riƙe kuɗin gaba ɗaya, ya ce ba zai biya ko sisi ba sai an gyara. Wani kuma kunya ta kama shi, ya biya duka, ya ce daga baya a yi magana, maganar da ba a ƙara tayar da ita. Na farko yana ɓata hulɗa, na biyu yana zubar da jari. Hanyar da masu kula da asusun kamfanoni ke bi ita ce a raba takardar gida biyu: a biya abin da babu jayayya a kansa a kan lokaci, a riƙe wanda ake jayayya a kansa kaɗai, sannan a rubuta kowane ƙorafi a littafi guda.

A ɗauka wani mai shagon kayan masarufi a Zariya ya yi odar kaya daga wani dila a Kasuwar Singa da ke Kano. Invois ya zo da abu uku: katan 40 na taliya a kan naira 18,000 kowanne, wato 720,000, katan 25 na sabulu a kan 12,000, wato 300,000, da jarka 10 na man gyaɗa a kan 48,000, wato 480,000. Jimilla naira 1,500,000, kuma an yi da shi zai biya cikin mako biyu.

Da aka sauke kaya, yaron shago ya ƙirga taliya ya samu katan 36. Sabulu ya cika, amma mai shago yana tuna cewa a kan 11,200 suka yi ciniki. Jarka ɗaya kuma ta tsage a gindi, mai ya tsiyaye a bayan mota.

A nan ake buƙatar natsuwa wajen lissafi. Taliyar da ba ta iso ba katan 4 ce, kuɗinta 72,000. Jarkar da ta fashe 48,000. Sabulu kuwa shi ne inda mutane da yawa ke wuce gona da iri, su riƙe 300,000 ɗin duka don farashi bai yi musu ba. Ai mai shago bai musa cewa ya karɓi sabulun ba, bai kuma musa 11,200 a kowane katan ba. Abin da yake musu a kai bambancin naira 800 ne sau 25, wato 20,000. Saboda haka kuɗin jayayya gaba ɗaya 140,000 ne, sauran 1,360,000 haƙƙin dila ne tsantsa, kuma ya kamata ya shiga asusunsa kafin wa'adi ya cika. In takardar tana ɗauke da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya tun 2020, harajin ɓangaren da ake jayayya a kansa kaɗai za a riƙe tare da shi.

Ina ganin riƙe miliyan ɗaya da rabi saboda dubu ɗari da arba'in zalunci ne, ko da mai shago ne ke da gaskiya a duka ƙorafe-ƙorafensa. Dilan ma wani yana bin sa kuɗin kayan nan. Kuma mutumin da ya ga alat na 1,360,000 ya shigo wayarsa, da kunnen arziki zai saurari maganar katan huɗu.

Littafin ƙorafi ba wani abu ne mai tsada ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, ko shafin Excel ga mai kwamfuta. Sharaɗin shi ne kowane ƙorafi ya samu layinsa, ko da a invois ɗaya suka fito, domin ba rana ɗaya za su warware ba. A layin taliya mai shago zai rubuta ranar da kaya suka iso, lambar invois, sunan dila, da bayani a taƙaice: an rubuta 40, an sauke 36, kuɗi 72,000. Sai hujja, wato webil ɗin da direba ya sa hannu a kai cewa 36 ya sauke. Sai wanda aka sanar a wajen dila da ranar da aka sanar da shi, abin da ya ce, da ranar da za a sake tuntuɓarsa. Gurbi na ƙarshe a bar shi a buɗe don yadda aka ƙare.

Hujjar nan a gaban direba ake samunta. Da zarar an sa hannu a webil cewa kaya sun cika, mota ta tashi, to maganar ta zama ka ce na ce. A ƙirga kafin a sa hannu, a rubuta ragin a jikin takardar, a ɗauki hoton jarkar tana kan mota.

A ranar kuma a sanar da dila a rubuce, ko da an riga an yi waya. Saƙon WhatsApp ya wadatar: lambar invois kaza, zan biya 1,360,000 ranar kaza, na riƙe 140,000 saboda abubuwa uku, ga su, ga hotuna. Wajen tura kuɗin, a rubuta lambar invois a gurbin bayani, a ƙara da cewa biyan ɓangare ne. Dalili shi ne in akwai tsohon bashi tsakaninku, akawun dila zai iya zuba kuɗin a can, sai sabon invois ya zauna a littafinsu kamar ba a taɓa shi ba, wata rana a kira ka ana neman miliyan ɗaya da rabi.

Yanzu a ga yadda layukan uku za su iya ƙarewa. Dila ya duba sito ya tarar da katan huɗun an manta ba a loda ba, ya ce zai haɗo su da kaya na gaba. Kuɗinsu yana nan a riƙe har su iso. Kan sabulu, aka koma saƙonnin ciniki, sai ga shi 11,200 farashin wanda ya ɗauki katan 50 ne zuwa sama. Mai shago ba shi da gaskiya a nan, sai ya tura 20,000 a ranar, ya rufe layin. Jarka kuwa ta rataya ne a kan wanda ya ɗauko motar. In dila ne ya yi alkawarin kawo kaya har ƙofar shago, asarar hanya tasa ce. In mai shago ne ya turo direbansa, kaya sun zama nasa tun a Kano. Sau da yawa ba a yi wannan maganar tun farko ba, sai a raba asarar biyu.

Idan dila ya yarda da ragi, kada a rufe layi da alkawarin baki. A karɓi takardar ragi mai ɗauke da lambar invois ɗin da adadin da aka cire, domin ita ce za ta goge bashin a littafinsa.

Akwai iyaka ga wannan hanya. Wasu yarjejeniyoyi a rubuce sun ce a biya duka tukuna sannan a nemi gyara, wasu sun ba da kwanaki ƙalilan na kai ƙorafi, bayan su an ɗauka an amince. Wanda ya sa hannu a irin wannan takarda, ita zai bi. Haka nan ƙorafin da ba shi da adadin kuɗi da hujja ba ya halatta riƙe komai.

Duk ƙarshen mako mai shago ya buɗe littafin ya duba layukan da ba a rufe ba. Wanda ya haura wata guda, a daina aika yaro, a nemi maigidan kansa, in ta ƙi a kai wa shugabannin kasuwa su shiga tsakani. In kuma ragin taliya ya bayyana sau uku daga dila ɗaya da direba ɗaya, sai a tura mutum ya tsaya a wajen lodi ya ƙirga kafin mota ta bar Kano.