Ganau da jiyau a cikin aikatau na Turkanci

A harshen Turkanci, mutum ba ya iya ba da labarin abin da ya wuce ba tare da ya nuna inda ya samo labarin ba. Akwai ɗafa-ƙeya guda biyu da ake liƙa wa aikatau, kuma dole mai magana ya ɗauki ɗaya. Na farko shi ne -di, wanda ke nuna cewa mai magana ganau ne. Na biyu shi ne -miş (ana furta ş kamar sh ɗin Hausa), wanda ke nuna cewa jiyau ne, ko kuma alama ya gani ya gane abin da ya faru.

Tushen aikatau na "zuwa" shi ne gel. Idan Baturke ya ce Ahmet geldi, yana nufin Ahmet ya zo kuma a kan idonsa ya shigo. Idan ya ce Ahmet gelmiş, zuwan dai shi ne, amma ko dai wani ne ya faɗa masa, ko kuwa ya dawo gida ya tarar da takalman Ahmet a bakin ƙofa. Haka abin yake da ruwan sama. Wanda ya tsaya a taga yana kallon ruwa na zuba zai ce yağmur yağdı. Wanda ya yi barcinsa ya wayi gari ya ga tsakar gida a jiƙe, yağmur yağmış zai ce. Wasalin ɗafa-ƙeyan yana bin wasalin ƙarshe na tushen, shi ya sa ake samun -miş, -mış, -muş da -müş, duk abu ɗaya ne.

Mai jin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin yana da "wai" da "an ce". Bambancin shi ne Bahaushe yana iya cewa "Audu ya zo" ya yi shiru, ba wanda ya san ko gani ya yi ko ji. Nahawun Turkanci bai bar wannan ƙofa ba. Abin kuma ya daɗe: tun a ƙarni na 11 Mahmud al-Kashgari ya bayyana bambancin a ƙamus ɗinsa na harsunan Turkawa da ya rubuta da Larabci.

Inda lamarin ya fi daɗi shi ne lokacin da mutum ya liƙa wa kansa -miş. Ta yaya mutum zai zama jiyau a kan abin da shi ya aikata? Ɗalibin da ya farka ya ga kansa kife a kan littafi zai ce uyumuşum, wato "ashe barci na yi". Barcin nasa ne, amma hankalinsa bai halarta ba, sai daga baya ya gane. Daga nan ne -miş ya sami aikin nuna mamaki. Tsohuwar da ta daɗe ba ta ga jikanta ba za ta dube shi ta ce büyümüşsün, "ashe ka girma". Ga yaron a gabanta, amma girman a bayan idonta ya faru. Ke nan ɗafa-ƙeya ɗaya yana ɗauke da aikin "wai" da na "ashe" gaba ɗaya. Tatsuniya ma da shi ake yin ta daga farko har ƙarshe, tun daga buɗinta, bir varmış bir yokmuş, wanda ke tsayawa a matsayin "ga ta nan ga ta nanku".

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne ɗaukar -di a matsayin shaidar ido kurum. Baturken da aka haifa jiya zai ce Atatürk 1938'de öldü, Atatürk ya rasu a 1938, da -di (a nan ya koma -dü), domin tabbataccen tarihi ne da kowa ya sani. Labarin da mutum ya fara bayarwa da -miş yakan koma -di idan ya zauna masa a rai. Kuma ba duk -miş ne ke nuna jiyau ba: pişmiş et dafaffen nama ne kawai, gelmişti kuwa na nufin "ya riga ya zo".

Turkanci kashi biyu ya yi. Harshen Tuyuca, da ake magana da shi a kan iyakar Kolombiya da Burazil, biyar ya yi: abin da aka gani, abin da aka ji sautinsa ba a gani ba, abin da aka gane daga alama, abin da wani ya faɗa, da abin da hankali ya ɗauka haka yake. Mai binciken harsuna Alexandra Aikhenvald ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na harsunan duniya suna da irin wannan alama a nahawunsu.