Malami Mai Kwana Sakkwato, Aiki Jabo: Ka Taɓa Yin Lissafin Awanninka?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki ga ma'aikatan da ake turowa ƙasar Tambuwal da Kebbe, musamman malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. An ba mutum takardar kama aiki a Jabo, amma gidansa na Mabera ko Arkilla cikin birnin Sakkwato, kuma ya rantse ba abin da zai raba shi da kwanan birni. Zai yi sallar asuba ya fita, ya iso aji rana ta take, wandonsa duk ƙura, idanunsa jajir, ya rubuta layi uku a allo, kafin azahar ya fara leƙen agogo don kada mota ta wuce shi. Na ji wani dattijo ya tare irin wannan malami a bakin masallaci ya ce masa, "Malam, mi ah hana ka kama ɗaki nan garin?" Ya amsa da cewa, "Baba, haya biyu ba ta yiwuwa, albashin bai kai ba." Dattijon ya yi shiru, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin na tabbata malamin nan bai taɓa zama da biro da takarda ya gwada maganar tasa ba. Mutumin da ke koya wa 'ya'yan mutane lissafi!

Kuskuren farko shi ne yadda ake auna tafiyar. Ka tambayi kowa, zai ce maka ai awa ɗaya da rabi ce. Wannan lokacin da mota ke gudu ke nan a kan titin da ya fito Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega. Tsakanin Sakkwato da Tambuwal kusan kilomita 100 ne, saboda haka ba ƙarya ya yi ba. Sai dai tafiya ba a tasha take farawa ba, a ƙofar gida take farawa. Akwai neman kabu-kabu zuwa tasha. Akwai zaman jiran mota ta cika, wanda shi ne babban ɓarawon lokaci, kuma ba wanda ke sa shi cikin lissafi. Kana zaune a kujerar baya, kwandasta na ta kiran saura mutum ɗaya, alhali saura uku. Mota ta tashi, direba ya ratse gidan mai. A tsaya a shinge, a tsaya a sauke buhu, in ranar kasuwa ce a kutsa cikin cunkoso a hankali. Ka sauka, ka sake neman babur zuwa wurin aiki. In ka haɗa duka, awa biyu da rabi ba ta yi yawa ba. Zuwa da dawowa awa biyar.

To bari mu bi malamin nan da lissafi. Alƙaluman kuɗin da zan sa misali ne kawai, kowa ya cire su ya sa nasa na gaskiya. Mu ce kuɗin mota da na kabu-kabu, zuwa da dawowa, naira 5,000 ne a rana, albashinsa kuma naira 90,000. Shekarar karatu zango uku ce, kusan mako 40. Da zai zo kullum, kwana 200 ke nan, awa 1,000 a kan hanya, kuɗin mota naira miliyan ɗaya, alhali albashinsa na shekara gaba ɗaya 1,080,000 ne. Kowa ya san wannan ba ya yiwuwa, shi ma ya sani. Saboda haka ba kullum yake zuwa ba. Ya shirya da abokin aiki: ni Litinin zuwa Laraba, kai Laraba zuwa Juma'a, a rufa wa juna asiri a rajistar sa hannu. Wannan ce gaskiyar da ba a son faɗa.

Mu ɗauke shi a kan kwana uku a mako. Kwana 120 ke nan a shekara. Awa 600 a cikin mota da tasha, naira 600,000 a aljihun direbobi. Wato kowace awa da ya zubar, sai da ya biya naira dubu kafin ya zubar da ita. Awa 600 kuwa, in ka raba ta da awa takwas ta yinin aiki, yini 75 ne cur. Fiye da rabin albashinsa ya tafi, ga kwana 80 na darasi da yara ba su samu ba, kuma duk da haka yana ganin dabara ya yi. Wannan ɗiban ruwa ne da kwando.

Yanzu a juya. Iyali su zauna inda suke a Sakkwato, ba wanda ya ce a kwashe su. Shi kaɗai ya kama ɗaki ɗaya a Jabo, ya zo Lahadi da yamma ko Litinin da sassafe, ya koma Juma'a. Mu sa kuɗin ɗakin naira 60,000 a shekara. Tafiya ta koma sau ɗaya a mako: awa 200, naira 200,000. Sai abin da masu gardama ke da gaskiya a kai, wato tukunya biyu. Mutumin da ke kwana shi kaɗai zai sayi abinci, zai sayi ruwa, zai biya cajin waya. Mu sa masa naira 15,000 a wata har wata tara, 135,000 ke nan. Jimla naira 395,000. Ya rage kashe naira 205,000, ya ƙwato awa 400, kuma yana shiga aji kwana biyar maimakon uku. Ko da kuɗin ɗakin ya ninka sau uku, har yanzu shi ke da riba. Ina maganar "haya biyu ba ta yiwuwa" ta tsaya?

Abin da ya sa mutane ke ruɗewa, lissafin da ke kansu na tsohon zamani ne. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa daga 30,000 ya koma 70,000 a Yulin 2024. Zuwa ƙarshen 2024, mai ya ninka fiye da sau biyar, albashi ya ninka sau biyu da 'yan kai. Gwamnatoci ma sun ga hakan: jihohin Kwara da Edo sun rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako bayan cire tallafin. Amma takardar ofis tana iya jira har jibi. Darasin ɗan aji uku ba ya jira, mai naƙuda da ta iso asibiti ba ta jira.

Sannan akwai yaudarar yadda kuɗin ke fita. Kuɗin haya dunƙule ake biyansa, shi ya sa yake da zafi. Kuɗin mota kuwa dubu biyu nan, dubu uku can, ba a jin fitarsa sai ashirin ga wata ta yi, a fara bin mai shago da "rubuta mini".

Ba kowa nake cewa ya tashi ba. Wanda ke zaune Tambuwal ko Dogon Daji da babur ɗinsa, in tafiyarsa ba ta wuce rabin awa ba, ya zauna gidansa. Wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna a 1994 cewa tun zamanin tafiyar ƙafa har zuwan mota, mutane kan tsaya ne a wajen awa ɗaya ta zirga-zirga a yini. Mai awa ɗaya yana cikin abin da jiki ya saba ɗauka. Mai awa biyar ne ya fita daga hankali.

Haka kuma lissafin kan juye in hanyar ta juya. Ɗan Jabo da ke zaune a gidan gado, ga gonarsa, ga rumbunsa, sai ya samu aiki a Sakkwato, kada ya yi gaggawar kwashe iyali. Can hayar shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga ruwan 'yan garuwa, ga gero da dawa da a da yake ɗiba a rumbu yanzu sai ya auna a kasuwa. Hanyar gwadawa ɗaya ce. Haɗa kuɗin haya da duk ƙarin da zaman birni zai jawo a shekara, cire kuɗin motar da za ka huta biya, abin da ya rage ka raba shi da awannin da za ka ƙwato. Wannan shi ne farashin da kake sayen kowace awa. In ya rage naira 300,000, awannin kuma 400 ne, kana sayen awa a kan naira 750. Mai albashin 90,000 da ke aikin awa 160 a wata, awarsa ba ta kai naira 600 ba. Tsada ya saya, sai fa in yana da abin da zai yi da awannin da zai kawo kuɗi, kamar ɗinki ko darasin yamma. In a majalisar shayi za su ƙare, ɗaki ɗaya na kwanakin aiki ya ishe shi, shi ma.

Na san hujjojin da suka rage: babu wuta, babu ruwan famfo, uwargida ba ta yarda ba. Wasu kan kawo maganar tsaro, musamman waɗanda aka tura cikin ƙasar Kebbe, nesa da babban titi. Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma a sa ta a ma'auni da gaskiya: wanda ke bin hanya sau shida a mako, da duhun asuba da kuma gab da magariba, ya fi mai bin ta sau biyu da rana tsaka shiga hatsari, ko na miyagu ko na mota. Da damina kuma, hanyar da ba kwalta takan ninka lokacin tafiya.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Sayi ƙaramin littafi, ka yi mako biyu kana rubuta abu uku: ƙarfe nawa ka fita ƙofar gida, ƙarfe nawa ka shiga aji ko ɗakin magani, da duk kuɗin da ya fita a hanya, har ruwan leda da ƙosan tasha. Kada ka rubuta daga ka da dare, rubuta nan take, domin ƙwaƙwalwa takan manta da zaman jira. Ka tabbata ranar kasuwa ta shiga ciki. Sannan ka ninka da makonnin aikinka na shekara.

In lissafi ya nuna a kama ɗaki, kada ka fara da dillali. Tambayi hedimasta ko shugaban asibiti ko akwai gidan ma'aikata da ke rufe, sau da yawa abin da yake bukata kwano biyu ne da ƙofa. In babu, je wurin mai unguwa ko limami, domin a garuruwanmu malami baƙo bai cika rasa shago a ƙofar gidan wani ba. Nemi a karɓi kuɗin zango ɗaya tukuna, ba na shekara ba, saboda canjin wurin aiki na iya zuwa ba sallama. Ku biyu ko uku kuna iya haɗa ɗaki da risho ɗaya. Kafin ka ba da ko sisi, je ka ga rijiyar da za ka riƙa ɗiban ruwa, ka kuma kira gida daga cikin ɗakin ka ji ko waya na kamawa.