Lamba ta biyu a jikin bireka

Mai sayen bireka a kasuwa lamba ɗaya yake tambaya: amfiya 32 ko 63? Wannan lambar tana faɗin wutar da birekar za ta ɗauka ne yau da gobe. Akwai wata a ƙasanta, cikin ɗan akwati, 6000 ko 10000, wadda ba kasafai ake dubawa ba. Ita ce iyakar wutar da birekar za ta iya yankewa ranar da wayoyi suka haɗu.

Idan waya ta taɓa waya, ba abin da ke tare wutar sai turjiyar taransifoma da ta kebul. Saboda haka lissafi daga farantin da ke jikin taransifoma yake farawa. Mu ɗauki mai 500 kVA, 415 V, turjiya kashi 4 cikin ɗari. Cikakkiyar wutarta:

500,000 ÷ (1.732 × 415) = 696 A

Sai a raba da 0.04, a sami amfiya 17,400, wato 17.4 kA. Abin da zai kwararo ke nan idan layuka ukun suka haɗu a babban allon rarraba wuta da ke gindinta. A nan bireka mai 25 kA ta dace, a kuma duba lambobin Icu da Ics a jikinta. Ta farko ita ce matuƙar abin da za ta yanke. Ta biyu kuwa abin da za ta yanke ta kuma ci gaba da aiki lafiya.

Nisa yana rage ƙarfin. A ce an ja kebul na jan ƙarfe mai kaurin 35 mm² tsawon mita 50 zuwa ƙaramin allo. Idan aka haɗa turjiyarsa da ta taransifomar za a sami kusan 0.035 Ω, sai a raba 240 V da ita, ya ba da kusan 7 kA. Wutar ta ragu ƙwarai, amma har yanzu ta fi ƙarfin mai 6000, wadda aka saba sakawa a gidaje. Mai 10000 ce ta wurin, sai fa in kamfanin da ya ƙera birekokin ya tabbatar a rubuce cewa ta sama za ta kare ta ƙasa.

Birekar da aka fi ƙarfinta tana ƙoƙarin buɗewa, sai tartsatsin ya ƙi mutuwa, bakunanta su narke su manne, ko jikinta ya fashe. Baƙin hayaƙi a gefenta da maɓallin da ya ƙi motsi su ne shaida.

Abin da ya fi damuna shi ne masana'antun da ke sauya taransifoma da babba su bar tsohon allo yadda yake. Wutar haɗuwar waya ta ƙaru, birekokin kuwa na jiya ne. Duk wanda zai yi wannan sauyi, ya sa injiniya ya sake lissafin kowane allo kafin a ba da wuta.