"Ba a Ga Bambanci Ba" Ba Ya Nufin Babu Shi

A ce likitoci na son gwada sabon maganin zazzaɓi. Tsohon yana warkar da mutum 70 cikin 100. Sai a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan tsohon, waɗancan sabon, a ƙirga waɗanda suka warke. Daga nan kuskure iri biyu na iya aukuwa, kamar yadda Jerzy Neyman da Egon Pearson suka fayyace a 1933.

Kuskure nau'i na ɗaya shi ne a ce sabon ya fi, alhali ƙarfinsu ɗaya, dace ne kawai ya sa masu saurin murmurewa suka taru a ɓangarensa. Masu bincike sukan ɗaure wannan haɗari a kashi 5 cikin 100: idan babu bambanci, sau ɗaya cikin gwaji ashirin za a ruɗu. Nau'i na biyu kuwa shi ne sabon ya fi da gaske, amma gwajin ya kasa ganowa, a jingine magani mai amfani.

Damar da gwaji ke da ita ta gano bambancin da ke akwai ita ake kira ƙarfin gwaji, kuma bisa al'ada ana neman kashi 80. A ce sabon maganin na warkar da 80 cikin 100. Idan majinyata 50 aka sa a kowane ɓangare, ƙarfin bai wuce kashi 21 ba. Wato in an maimaita gwajin sau biyar, kusan sau huɗu za a tashi hannu rabbana, ga shi kuwa maganin yana aiki. Kafin ƙarfin ya kai kashi 80, sai an tara kusan mutum 294 a kowane ɓangare, domin yawan jama'a ne ke dushe tasirin dace.

Girman bambancin ma yana da nasa hannun. Ganga ana jinta daga nesa, raɗa kuwa sai an kasa kunne. Da sabon maganin na warkar da 90 cikin 100, mutum 62 a kowane ɓangare sun wadatar. Da 75 yake warkarwa, sai an nemi kusan 1,250. Duk sanda tazarar ta ragu da rabi, adadin da ake buƙata yana ninkuwa kusan sau huɗu.

Ba a rage kuskure ɗaya a kyauta. In aka tsananta sharaɗi daga kashi 5 zuwa 1 ba tare da ƙara mutane ba, na ɗaya zai ragu, na biyu ya ƙaru. Shi ya sa ake lissafin adadin majinyata tun kafin a ba kowa ƙwaya ɗaya.

Don haka in ka ji an ce bincike bai ga bambanci ba, ka tambayi mutum nawa aka gwada, da kuma girman bambancin da aka shirya gwajin ya gano. Gwajin mutum 50 da bai ga komai ba bai isa ya yanke wa magani hukunci ba.