Sunan ƙungiyar wasa: wanda za a iya kira a fili, a iya faɗi gaban uwar miji

Ƴan uwa mata, duk wadda ke cikin asusu ta san sunan Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a shekarar 1991. Ku dubi sunan nan da kyau. Bai ce mata matalauta ba, bai ce mata masu neman taimako ba. Ya yabe mu da abin da kowace mace ke da shi, mai kuɗi da marar kuɗi, wadda ta yi lakol da wadda ba ta yi ba. Kuma babu maigidan da zai ji matarsa ta ce za ta wurin masu dubara ya ɗaure fuska. Idan matan asusunku suna shawarar kafa ƙungiyar ƙwallon raga ko ta tsere, irin wannan suna ya kamata ku nema.

Sunan ƙungiyar wasa wuri biyu yake aiki. A bakin fili ana kiransa da ƙarfi, da tafi, don a tsorata abokan karawa. A cikin gida kuwa, da shi amarya za ta nemi izini, ta ce: “Inna, zan tafi wurin su wance, in dawo kafin magariba.” Sunan da ya yi daɗi a fili amma ya yi nauyi a bakin amarya, zai bar ku da ƴan wasa huɗu, alhali ƙwallon raga mutum shida yake so kowane gefe, ban da masu canji.

Mu ɗauki misali. A ce mata ashirin da biyar na wani asusu a nan Tawa sun yanke shawarar riƙa fita sassarfa bayan sallar asuba, tunda a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ba mai gudu da rana. Suna na farko da zai zo baki shi ne Mata Masu Gudu. Kada ku ɗauka. Ranar farko wani mai shayi a bakin hanya zai tambaya: “Gudu daga ina? Daga gidan wa?” Shi ke nan an liƙa muku. Haka duk sunan da ya ƙare da “kansu”, komai kyan niyya, kunne zai kai shi ga mata masu zaman kansu, kuma kun san abin da ake nufi da wannan. Ƴan Matan Adar ma yana da tasa illa: ya rufe ƙofa ga mai ƴaƴa biyar, wadda wataƙila ita ce ma mai riƙe da akwatin asusu.

Sai wata ta kawo barewa. Shawara ce mai kyau, don ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu ma Mena take, sunan wata irin barewa ta sahel. Barewa na da sauri, tana da kyau, ba ta cizo. Amma a nan akwai rami. Tunda ku da yawa ne, za a so a ce Bareyin Adar. To, ku kira shi da ƙarfi sau uku, ku ji abin da magoya bayan ɗaya ƙungiyar za su mayar muku: ɓarayin Adar! Ga matan da amanarsu ta tsaya kan akwatin kuɗi, wannan ba wasa ba ne. Maganin abin ƙarami ne: ku bar ta tilo, Barewar Adar. Ga kuma karin magana ta zo muku kyauta, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ma'anar ita ce ƙungiyar ta uwa ce da ɗiya, kowa da gurbinta.

Wannan gwaji na “me abokan gaba za su mayar da shi” shi ne mafi amfani. A zaman mako, bayan an gama zubi, ku raba kanku biyu. Rabi su kira sunan, rabi su yi ƙoƙarin ɓata shi, kamar yadda ake zambo a filin kokowa. Tsintsiya, alal misali, kowa zai so ta saboda maɗaurinta ɗaya, amma ranar da anka ci ku, za a ce an share da ku. Sunan da ya tsira daga bakin matan asusu, da wuya na waje su iya da shi.

Akwai kalmomi masu daɗi da siyasa ta riga ta sa ma hannu. Tarayya, Nasara, Rahama, Lumana, Zaman Lafiya: kowace a cikinsu, mutanen Nijar sun san ta da wata jam'iyya. A Tawa musamman, idan kunka ce Matan Tarayya, kunka ƙara da riga ruwan hoda, ba wanda zai yarda ƙwallo ya tara ku. Wasu gidajen za su hana matansu zuwa, ba don wasan ba. Ku bar waɗannan kalmomi, Hausa ba ta ƙare ba.

Me ya sa Adar, ba sunan unguwa ba? Sunan unguwa na sa ta wata unguwa ta ji baƙunta. Kuma idan an nufi arewa, wajen Tabalak, Abalak da Cintabaraden, ƴan wasa za su haɗa masu jin Hausa da Tamajak da Fulatanci. Adar ƙasa ce, ba ƙabila ba, ta ɗauke kowa. Duk da haka, kafin a tsai da suna, a sa ƴan uwanmu masu waɗannan harsuna su faɗe shi da bakinsu. In ya yi musu kama da wata kalmar kunya, dariyarsu za ta gaya muku.

Sauran rubutu. Injin mai buga riguna sau da yawa ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, kuma a ofis da salon Faransanci ake rubutawa, yadda Tawa ta koma Tahoua. Ɗiyan Adar suna ne mai kyau a baki, amma in ƙugiyar ta faɗi, ya zama Diyan Adar, wani ya karanta diyya. Tauraruwa kuwa, in an cika ta da “ou”, ba za ta shiga bayan riga ba. Barewar Adar ba ta da harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Idan kuna son shiga gasa ko neman fili, za a buƙaci takardun ƙungiya, bisa dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984. Don haka sakatariya ta rubuta sunan siga ɗaya cikin littafin asusu, a kwafe shi daidai kan takarda, kan hatimi da kan riga.

Ƙwallon raga kuma yana son suna gajere, don tsakanin bugu da bugu lokaci kaɗan ne. Kalma biyu sun isa. Ga masu fita da asuba, Gamzaki ya dace, tauraron da ke fitowa gab da wayewar gari: gaɓa uku, tafi uku. In sunaye biyu sunka rage kuma an kasa rabuwa, kada a ɗaga hannu, don ƙarama ba za ta saɓa ma shugaba ido da ido ba. A ajiye ƙwarya biyu bayan zana, kowace mace ta shiga ita kaɗai ta jefa tsakuwa guda, sannan masu ƙidayar kuɗi su ƙirga gaban kowa.