Sallama Kawai Ya Yi: Yadda Ɗan Kwari Ke Buɗe Bakin Sabon Mai Saye

A Kantin Kwari da ke Kano, kasuwar da 'yan Nijar, Chadi da Kamaru ke zuwa sarin tufafi, akwai wani irin baƙo da masu shago suka sani sarai. Zai tsaya a bakin shago, ya yi sallama, a amsa, daga nan sai ya yi tsit yana kallon turamen atamfa. Sau da yawa saurayi ne da aka turo ya fara haɗa kayan lefe, wanda bai taɓa taya ko ƙyalle ba.

"Wa alaikumus salam, samari. Shigo daga ciki mana, rana ta yi zafi," in ji Alhaji mai shago, yana tura masa benci da ƙafa.

"Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau."

Shi ke nan, magana ta tsaya. Yaron shago da bai goge ba zai ce "me kake so?" ko ya hau sauke kaya yana zuba kirari, kuma duka biyun korar baƙo suke yi. Alhaji bai yi haka ba, don ya san abin da ya ɗaure bakin yaron. Akwai jin nauyi, domin ba kowane saurayi ke iya gaya wa sa'an mahaifinsa cewa aure zai yi ba. Akwai kuma gudun kada a gane shi baƙo ne a tsuga masa kuɗi. Amma babban abin tsoron shi ne taya. A al'adar kasuwa, idan ka taya aka ce "na sallama", janyewa abin kunya ne. A mazhabar Malikiyya ma, wadda yawancin Hausawa ke bi, ciniki yana ƙulluwa da zarar ɓangarorin biyu sun amince, ko da ba su rabu ba, sai dai in an gindaya sharaɗi. Wanda bai san farashi ba kuwa yana ganin kowace kalma za ta iya kama shi.

Don haka Alhaji ya yi tambayar da amsarta kalma ɗaya ce.

"Na Hajiya ne a gida, ko na akwati?"

Saurayin ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Na akwati ne, Baba."

"Masha Allahu! Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin."

Kalmar nan ɗaya ta gaya masa abubuwa da yawa: ba turmi ɗaya za a saya ba, kuma akwai 'yan uwa mata a gida da za su duba kayan su yanke hukunci. Bai tambaye shi nawa ya zo da su ba, tambayar da ke sa mai ƙaramin ƙarfi ya miƙe. Sai ya sauko da turmi uku, mai araha, matsakaici da mai tsada, ya faɗi kuɗin kowanne, ya zuba ido ya ga wanda hannun yaron zai koma kai.

Daga nan ya shiga koyarwa, kuma a nan ne ake gane ɗan kasuwar ƙwarai. Ya nuna masa cewa turmi yadi shida ne. Ya juya zanen: atamfa mai kyau, cikinta da bayanta kusan launi ɗaya ne, mai araha kuwa bayanta a koɗe yake. Ya murza gefen wata, ya ce taurin nan sitaci ne, wanki ɗaya zai tafi ya bar zane shara-shara. Ya kuma gargaɗe shi kada ya dogara da takardar da aka manna, domin ana kwaikwayonta.

A ce matsakaicin Alhaji ya sa masa naira 15,000. Saurayin ya daɗe kafin ya ce a hankali, "Baba, ba ragi?"

"Taya mana, ɗana. Taya ba faɗa ba ne."

"Sha biyu."

"Albarka."

Nan ne sababbi ke tuntuɓe. Jin "albarka" sai su ɗauka an kore su, alhali ma'anarta kawai tayin bai kai ba, a ƙara. Alhaji ya ga yaron na shirin tashi, ya ce, "Zauna, ai ba mu gama ba. Idan uku za ka ɗauka, kawo sha uku da ɗari biyar-biyar."

Ba kowane mai shiru ne baƙo ba, ya kamata a faɗa. Wani farashi ya zo ji don ya kwatanta da layin gaba, kuma ana gane shi da cewa yana kiran atamfa da sunanta, yana duba lambar da ke bakin zane. Shi wannan ba a ɓata lokacin yi masa darasi.

Saurayin dai turmi biyu ya ɗauka. Kafin ya biya, Alhaji ya yanke sharaɗin da bakinsa: idan yayyensa sun ce launin bai yi ba, ya dawo da shi a canza masa, muddin ba a yanka ba, ba a kuma sa shi a ruwa ba.